Sauya Lambar Waya a Banar da Hotonta Kaɗai Ya Rage: A Fara Miƙe Hoton

Masu shagunan zane da buga takardu sun saba da wannan aiki. Mai sana'a zai shigo riƙe da waya, ya nuna hoton banar da ke rataye a ƙofar shagonsa, ya ce: "Malam, lamba kawai za ka canza min, komai ya zauna yadda yake." Layin ya ɓata, ko an rufe shi, kamar yadda ya faru ga mutane da yawa tun da aka fara haɗa layukan waya da lambar NIN a ƙarshen 2020. Idan aka tambaye shi fayil ɗin asali, sai ya ce yaron da ya yi masa zanen ya bar gari, ko kwamfutar ta lalace. Abin da ya rage a duniya shi ne banar da ke jikin bango da wannan hoto ɗaya.

A ido aikin minti biyar ne: a goge tsohuwar lamba, a rubuta sabuwa. Amma wanda ya fara da lambar zai yi aikin sau biyu. Tsarin da ke fitar da aiki mai kyau shi ne a fara maido da banar siffarta ta gaskiya, a tabbatar da awonta, sannan a taɓa lambar. Dalilin yana cikin abin da kyamara ke yi wa duk abin da ta kalla ta gefe.

Abin da kyamara ta yi wa banar

Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya ga yadda turakun lantarki ke gajarcewa suna matsar juna gwargwadon nisansu. Haka kyamara ke ganin bana idan ba a tsaya daidai gabanta ba: gefen da ke kusa ya yi girma, na nesa ya tsuke.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wani tela yana da bana mai faɗin ƙafa 6 da tsayin ƙafa 3, wato inci 72 da inci 36. A ƙasanta akwai jan layi mai kauri, an rubuta lambar waya a kai da fari. An ɗauki hoton daga hagu, domin akwai babur a gaban shagon. Hoton waya ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma wannan yana da 4000 a faɗi, 3000 a tsayi. Da aka auna, gefen hagu na banar ya kai fiksel 1460, gefen dama 1070 kacal, faɗinta kuwa kusan 2300. A jikin bango gefunan biyu daidai suke. A hoto, na dama ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa.

Lambar ma ta shiga wannan hali. Kowace ƙwayar lamba inci 4 ce a zahiri, amma a hoton sifilin farko ya kusa fiksel 150, ƙwaya ta ƙarshe kuma ba ta wuce 130 ba. Layin da suke zaune a kai ya hau sama kaɗan yayin da yake tafiya dama, kuma tazarar da ke tsakaninsu na raguwa.

Akwai wani abu da ido ba ya saurin kamawa. Tsakiyar banar ba ta tsakiyar hotonta. Idan aka ja layi daga kowace kusurwa zuwa kishiyarta, inda layukan biyu suka gitta nan ne tsakiya ta gaskiya. A misalinmu wurin ya faɗi a fiksel kusan 1330 daga hagu, ba 1150 da rabin 2300 zai bayar ba. Rabin da ke kusa da kyamara ya cinye fili, na nesa ya matse. Shi ya sa juya hoton kaɗan ko ja masa gefe ɗaya ba ya gyara shi. Sai an buɗe kowane yanki gwargwadon yadda ya matse.

Yanzu a duba abin da zai faru idan aka fara da lamba. Kwamfuta za ta rubuta ta a miƙe, ƙwayoyi 11 duk tsayi ɗaya, a kan banar da ke karkace. Nan take za ta yi kama da abin da aka liƙa. Idan kuma daga baya aka miƙe hoton, gyaran da ya daidaita sauran rubutun shi zai karkatar da sabuwar lambar ta ɗaya ɓangaren: farkonta ya ƙanƙance, ƙarshenta ya kumbura, layinta ya gangara. Idan aka fara miƙewa, komai ya koma kwance da tsaye, kuma a nan ne rubutun kwamfuta yake zama daidai ba tare da dabara ba.

Kusurwa huɗu, da awon da ba ya cikin hoto

Gyaran ya dogara ga ƙa'ida ɗaya ta lissafi: idan abu shimfiɗaɗɗe ne, sanin inda kusurwoyinsa huɗu suka faɗi a hoto ya isa a maido da kowane wuri a jikinsa mazauninsa. Manhaja ce ke yin lissafin. Aikin mutum shi ne ya nuna mata kusurwoyin daidai.

Kafin nan, a nemi hoton asali. WhatsApp yana rage girman hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, galibi zuwa fiksel kusan 1600 a gefe mafi tsawo. Hoton telanmu zai yi asarar fiye da rabin faɗinsa. A ce masa ya turo shi ta Document, ko a ɗauko shi daga wayar da kebul. Idan banar tana nan kuma ana iya zuwa, sabon hoto ya fi komai: a ja baya, a tsaya daidai tsakiya, a riƙe waya tsaye, kada a yi amfani da kyamarar 0.5x, domin tana yawan lanƙwasa layukan gefe.

A Photoshop kayan aikin shi ne Perspective Crop Tool, yana ɓoye a ƙarƙashin Crop Tool. Ana danna kusurwoyin banar ɗaya bayan ɗaya, sai raga ta bayyana a kai. A GIMP, wadda kyauta ce, ana danna Shift+P, a zaɓi Corrective (Backward) a wajen Direction, sannan a ja kusurwoyin ragar zuwa na banar. A waya ma manhajojin sikanin takardu suna yin irin wannan, sai dai yatsa ba ya kai linzamin kwamfuta daidaito. Ko da wace aka yi, a ƙara girman hoton sosai a kowace kusurwa kafin a ajiye alama. Kuskuren fiksel 10 a gefen da ke nesa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na inci a jikin banar.

Sau da yawa kusurwoyin ba su da amana. Igiya ta ja ɗaya ta yi tsini, wata ta naɗe, wata rumfa ta rufe ta. A irin haka a bar bakin banar a nemi abin da aka buga a jikinta: zanen da ya kewaye rubutu, ko bakin jan layin ƙasa. Abin da injin ya buga ya fi abin da almakashi ya yanka miƙewa. Idan kusurwa ɗaya ta ɓuya, a bi layukan biyu da ke zuwa gare ta, a ajiye alama inda ya kamata su haɗu.

Ga inda mafi yawan aiki ke lalacewa. Kusurwa huɗu suna miƙe banar, amma ba sa faɗa wa manhaja faɗinta nawa ne a kan tsayinta. Photoshop zai yi hasashe idan ba a rubuta masa komai a gidajen W da H ba. GIMP kuwa zai baza banar ta cika siffar hoton asali, sai an shiga Scale Image an tsinke sarƙar da ke haɗa faɗi da tsayi an rubuta awon da hannu. Idan mutum ya ɗauki 2300 da 1460 da ya gani a hoto ya ce su ne awon, banar za ta fito a miƙe tsaf, amma ta tsuke da kusan kashi 20 cikin 100. Ba za a ga karkata ba, sai dai haruffa sun rame, fuskar da ke jiki ta yi tsawo. Wanda ya zo neman salon rubutun zai ga Arial ya ɗauka Arial Narrow ne, daga nan kuskure ya haifi wani.

Maganin ba ya cikin kwamfuta. A ce wa mai shi: "Maigida, a sa tef a auna mana faɗi da tsayi." Tela dai ba ya rasa tef. Idan banar tana wani gari ko ta yage an zubar, sai a nemi shaida a cikin hoton. Tambari mai da'ira dole ya fito da'ira, ba ƙwai ba. Alamar WhatsApp ko ta Facebook da aka saba sakawa kusa da lamba siffarta sananniya ce. Idan bangon ba a yi masa shafe ba, fuskar bulon siminti da aka saba gini da shi inci 18 ce da inci 9, don haka ana iya ƙirga bulo nawa banar ta rufe. Kuma da yake da ƙafa ake cinikin bana, idan lissafi ya ba da abin da ya kusa biyu bisa ɗaya, to 6 da 3 ne ko 8 da 4, kuma ƙofar shagon za ta nuna wanne.

Ga telanmu sai a rubuta W inci 72, H inci 36, Resolution 100. Hoton zai fito 7200 da 3600, kuma amfanin hakan shi ne kowane fiksel 100 inci ɗaya ne cif. Duk abin da aka auna a allo awonsa ne a bango.

Kafin a wuce, a gwada aikin. A jawo layin jagora a kwance a ƙarƙashin rubutun sama, wani a ƙarƙashin lambar. Idan haruffa sun zauna a kai daga farko har ƙarshe, an dace. A auna ƙwayar farko da ta ƙarshe: duka su kusa 400. Idan gefuna sun miƙe amma rubutun tsakiya ya yi ciki kamar baka, banar ce ta saki a jikin igiya, kuma wannan kayan aikin ba ya gyara shi, domin ya ɗauka abin shimfiɗaɗɗe ne. Ƙaramin lanƙwasa ana lallaɓa shi da Warp. Babba kuwa sai a miƙe yankin lambar shi kaɗai, ta amfani da kusurwoyin jan layin.

Sai lambar

Dabarar da ta fi amfani a nan ita ce kada a fara da sabuwar lamba. A fara rubuta tsohuwar. A buɗe sabuwar leya a saman hoton, a buga tsohuwar lamba da salon rubutun da ake zato, a rage duhunta zuwa rabi, a ɗora ta a kan ta hoton. Yawancin banonin kasuwa ba sa wuce Arial Bold, Arial Black, Impact da ire-irensu. A lura da ƙwayoyin da ke tona asiri: ƙugiyar 1 da ko tana da gindi, buɗewar 3, wutsiyar 6 da 9. A daidaita girma da tazara har kowace ƙwaya ta hau kan 'yar'uwarta. Girman da manhaja ke nunawa ba shi ne tsayin ƙwayar ba: don samun inci 4 a Arial Bold sai an kai kusan 400 pt. Masu zane kuma suna yawan jan rubutu ya cika fili, saboda haka idan tsayi ya dace amma faɗi ya ƙi, a ja shi yadda na farko ya ja.

Idan tsohuwar lamba ta zauna daram, sai a sauya ƙwayoyin kawai. Girma, tazara da mazauni duk sun riga sun samu. A Arial kowace ƙwaya faɗinta ɗaya da sauran, don haka sabuwar lamba mai ƙwaya 11 za ta ci fili daidai da tsohuwa, kusan inci 37 a misalinmu. A wasu salon rubutu 1 siririya ce, sai lamba mai 1 da yawa ta gajarce, a sake daidaita ta a tsakiya. Idan kuma za a ƙara +234 a cire sifilin farko, ko lambar Nijar ce mai ƙwaya 8 za a haɗa da +227, tsawon ya canza, dole a sake raba filin. A riƙe yadda aka rarraba tsohuwar, kamar huɗu, uku, huɗu, domin haka ido ke saurin haddacewa.

Goge tsohuwar lamba ya danganta da abin da ke bayanta. Idan launi ɗaya ne, kada a ɗebi launin daga fiksel guda, domin hoton waya cike yake da ɗigon da suka bambanta. A sa Eyedropper a kan 31 by 31 Average. Idan akwai inuwa ko haske da ke canzawa daga gefe zuwa gefe, Clone Stamp ya fi, ana ɗebowa daga sama ko ƙasan wurin. A kuma goge har da bakin haruffan, domin farin rubutu yana barin hazo a kewayensa, kuma shi ne ke fallasa tsohuwar lamba kamar fatalwa a bayan sabuwa.

Me za a yi da shi?

Daga nan hanya ta rabu uku, kuma ya kamata a tambayi mai aikin tun farko.

Idan hoton kawai yake so ya riƙa turawa a waya, miƙaƙƙen hoton ya isa. Sai dai sabuwar lambar za ta fi sauran rubutu kaifi da tsabta. A ɗan dusar da ita da Gaussian Blur, a rage farinta ya zo daidai da farin sauran haruffa, wanda a hoto yakan zama ruwan toka mai haske.

Idan sabuwar bana za a buga, gaskiyar da ba a son ji ita ce miƙaƙƙen hoton ba fayil ɗin bugawa ba ne. Rubuta 100 a Resolution bai ƙara masa bayani ba, ya baza wanda yake da shi ne kawai. Fiksel 2300 a kan inci 72 ya ba da kusan 32 a kowane inci, kuma ba a raba su daidai ba: bakin hagu ya samu kusan 44, bakin dama kusan 23. Da ta WhatsApp ya zo, da matsakaicin bai wuce 13 ba. Banar da ake kallo daga bakin ƙofa tana son kamar 72 zuwa 100. Saboda haka gefen dama zai fito a dushe, kuma ƙurar bango, inuwar igiya da kowace tamoji za su shiga bugun. Abin yi shi ne a kai hoton CorelDRAW ko Illustrator, a kulle shi a ƙasa, a sake rubuta dukkan rubutu a zana siffofi a kansa, sannan a cire shi. Hotunan kaya ko na mutum a nemi na asali daga mai shi. Idan rubutun Hausa ne, a duba ko salon yana da ƙ, ɗ da ɓ, domin da yawa ba su da su, sai manhaja ta aro harafin daga wani salo ko ta bar akwati.

Hanya ta uku ta fi araha: a buga sitika a liƙa a kan tsohuwar lamba. A nan ne awon ke biyan wahalarsa. Jan layin ya kai fiksel 600 a allo, wato inci 6. Faci mai inci 40 zai rufe lambar, amma launinsa ba zai taɓa dacewa ba. Jan da kyamara ta gani ya gauraye da hasken ranar da aka ɗauki hoton, kuma banar ta koɗe a rana. Ya fi kyau a buga layin gaba ɗaya, inci 72 da inci 6 da ɗan ƙari, ya rufe tsohon daga baki zuwa baki. Babu tsohon ja kusa da sabo, babu abin da ido zai kwatanta. A wanke wurin ya bushe kafin a liƙa, domin sitika ba ta kama ƙura.

Kafin a tura wa injin

Lamba ɗaya takan ɓuya a wurare da yawa. A duba ƙananan rubutu a gefe da kusa da alamar WhatsApp. Idan akwai QR a jikin banar, a haska shi da waya, domin sau da yawa tsohuwar lambar ce a cikinsa, kuma ba a gyara shi da gogewa, sai an haɗa sabo.

Sannan a kira lambar, ana karantowa daga zanen da ke allo, ba daga takardar da aka rubuto ba. Wayar da ke hannun mai aikin ta yi ƙara a gabanka. Wannan gwaji yana kama ƙwayoyi biyu da suka yi musanyar wuri, kuma yana da wani amfani. Sauya lamba a tallar wani hanya ce da 'yan damfara ke bi don karkatar da masu saye ko masu ba da taimako. Idan banar makaranta ce, ta asibiti ko ta gidauniya, kuma wanda ya kawo aikin bai iya nuna alaƙarsa da wurin ba, a dakata sai an ji daga masu ita.

A ƙarshe a ajiye fayil biyu. Ɗaya na bugawa, wanda aka mayar da rubutunsa zane da Convert to Curves, Ctrl+Q a CorelDRAW, don kada injin wani shago ya sauya salon. Ɗaya kuma wanda rubutunsa ke nan a buɗe, an sa awon banar da sunan salon rubutun a sunan fayil ɗin. A tura wa mai shagon duka biyun ta Document ko imel, a ce masa ya adana su a wani wuri bayan wayar da ke aljihunsa. Ranar da zai ƙara layi na biyu ko ya koma wata unguwa, duk mai zanen da ya samu zai buɗe na biyun ya gyara, ba sai an koma neman kusurwoyi ba.